Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Goge Min Hotona, Na'ura Ko Mutum?

"Assalamu alaikum. Na sa wani zanen barkwanci a shafina sama da shekara guda ba abin da ya faru, sai kwatsam aka goge shi, wai na karya dokar dandali. Ban zagi kowa ba. Shin mutum ne ke zaune yana duba abin da muke sawa, ko kuwa na'ura ce? Kuma me ya sa sai yanzu?"

Wa alaikumus salam, Malama, mun gode da wannan wasiƙa taki. Duka biyun suna aikin, na'ura da mutum, amma wannan jinkiri na shekara guda da kika ambata shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin yana nuna wace hanya abin ya fi yiwuwa ya biyo.

Manyan dandamali suna da na'urar tacewa iri biyu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko mai gwada kamanni ce. Idan aka yanke hukunci cewa wani hoto ko bidiyo ya saɓa doka, sai a fitar masa da wata lamba ta musamman, kamar zanen yatsa, a ajiye ta a rumbu. Daga nan duk hoton da lambarsa ta yi daidai da ta rumbun, ko an ɗan rage girmansa ko an sauya masa launi, na'ura za ta kama shi. Wannan dabara ta yi suna ne da PhotoDNA, wadda Microsoft ta ƙirƙiro a 2009 don gano hotunan cin zarafin yara, daga baya aka faɗaɗa irinta zuwa wasu laifukan. Wannan na'ura ba ta san abin da ke cikin hoto ba. Tambayarta ɗaya ce tak, yana rumbu ko ba ya rumbu.

Ta biyun mai hasashe ce. An horar da ita da ɗimbin misalan da mutane suka riga suka tantance, don haka idan ta ga sabon rubutu sai ta ba shi maki, gwargwadon yadda ya yi kama da abin da aka hana. Mai maki sama sosai a kan sauke shi nan take. Na tsaka-tsaki a tura shi layin ma'aikata masu dubawa, sauran kuma a bar su su wuce. Ma'aikacin nan yana duba abu ne bayan abu duk yini, da littafin ƙa'ida a gabansa, kuma sau da yawa bai ga hirar da ta gabata ba balle ya san wace ce ke.

To bari in ba ki labarin wani da abin da ya same shi ya yi kama da naki sosai. A watan Satumba na 2020 wani mutum a ƙasar Kolombiya ya sa zanen barkwanci a Facebook, mai nuna 'yan sanda suna dukan wani mutum da kulki. Zanen yana sukar yadda 'yan sanda ke amfani da ƙarfi ne, kuma dokar dandalin ba ta hana irin wannan ba. Zanen ya zauna wata goma sha shida lafiya lau, sai a Janairun 2022 aka goge shi. Ashe wani ma'aikaci ne ya yi kuskure ya saka wannan zane a rumbun abubuwan da aka haramta, na'ura kuwa ta bi umarni, ta shiga share kowane kwafi da ta ci karo da shi, sabo da tsoho. Mutum 215 suka ɗaukaka ƙara, kuma kashi 98 cikin ɗari na ƙararrakin nan ma'aikata sun duba sun ce ba laifi. Duk da haka zanen bai fita daga rumbu ba sai da Oversight Board, wato hukumar da ke sake duba hukuncin kamfanin Meta mai Facebook, ta ɗauki batun.

Kin ga abin da ya faru ke nan. Kuskuren mutum ɗaya ne, na'ura ta maimaita shi a kan kowa. Ni a ganina wannan ya fi kuskuren na'ura zalla muni, saboda kowane mai ƙara ana mayar masa da nasa, amma tushen ɓarnar yana nan daram, gobe ma wani zai faɗa.

Saboda haka idan hoton ba ke kika zana shi ba, ya daɗe yana yawo, kuma kika ji wasu da suka sa shi su ma an goge nasu a lokaci guda, to da alama rumbun ne. Idan kuwa rubutunki ne sabo, aka sauke shi cikin daƙiƙoƙi, wannan aikin mai hasashe ne, don ba wanda ya isa ya karanta shi a wannan ɗan lokaci. Ita kuma inda ta fi tuntuɓe shi ne manufa. "Ka kashe ni da dariya" da barazanar kisa kalma ɗaya ce ta haɗa su, wanda ya kawo maganar ƙiyayya don ya yi tir da ita kuma ya rubuta kalmomin da mai ƙiyayyar ya rubuta. A harshen da ba a horar da na'ura da shi sosai ba, irin wannan tuntuɓe ya fi yawa.

Abin yi shi ne ki ɗaukaka ƙara daga cikin sanarwar da aka turo miki, kada ki jinkirta, don akwai wa'adi. Idan an ba ki wurin rubutu, ki faɗi dokar da aka ce kin karya, ki bayyana a jimla biyu ko uku cewa zanen raha ne ko suka, da kuma wanda yake nufi. Kada ki sake ɗora shi kafin a amsa miki, domin in yana rumbu za a sake kama shi, a ƙara miki laifi na biyu. A YouTube, misali, laifi uku cikin kwana 90 kan iya jawo a rufe tasha gaba ɗaya.

Sai wasiƙa ta gaba, gajeriya ce: "Me ya hana su gyara na'urar ta daina kuskure kwata-kwata?"

Malam, lissafi ne ya hana. Mu ƙaddara na'ura ta duba rubutu miliyan goma marasa laifi, tana kuskure sau ɗaya kacal a cikin dubu. Mutum dubu goma ke nan aka zalunta, alhali a takarda na'urar ta ci jarrabawa da kyau. Idan aka ɗaga makin da ake buƙata kafin a goge abu, marasa laifi za su tsira, amma mugayen abubuwa da yawa za su sulale. Idan aka sassauto da shi, sai akasin haka. Kamfani ne ke zaɓar inda zai ja layin, kuma an ga hakan ƙarara a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka tura ma'aikatan dubawa gida. YouTube ya bayyana cewa ya zaɓi ya fi dogara da na'ura ko da za ta wuce gona da iri. Tsakanin Afrilu da Yuni na shekarar ya sauke bidiyo sama da miliyan 11, kusan ninki biyu na watanni ukun da suka gabata, ƙararraki suka ƙaru, waɗanda aka mayar bayan ƙara ma suka ƙaru. Kafin shekarar ta ƙare sai da ya dawo da ƙarin mutane bakin aikin.

Za mu ɗan dakata a nan, bayan mun dawo akwai wasiƙar wani bawan Allah da ke tambaya ko taron dangi wajen kai ƙarar shafi yana sa a rufe shi.