Tambayar da Aka Rage Wa Kaka: Yadda Amsar Malam a Bidiyo Take Sauyawa

Assalamu alaikum, masu kallo.

Kun san irin shirin. Malam na zaune, littattafai a bayansa, mai gabatarwa na gefe da waya a hannu. Ya ce, "Akramakallahu, ga wata baiwar Allah tana tambaya." Ya karanta, malam ya yi minti ɗaya ko biyu yana bayani, ya rufe da "Allahu a'alamu", a wuce ta gaba. Kafin wayoyi su zo, a 'yar takarda ake rubutawa, a miƙa daga sahu zuwa sahu bayan an tashi daga tafsiri. Daga baya aka koma wasiƙa da kiran waya a gidan rediyo. Yanzu kuwa saƙon murya ne a WhatsApp, ko rubutu a ƙarƙashin bidiyo.

Yau tambaya guda ɗaya za mu ɗauka, mu bi ta tun daga bakin mai ita har zuwa inda aka yanko amsar aka watsa. A hanya za ku ga yadda malam zai iya ba da amsa daidai, amma iyalin da suka yi aiki da ita su ci haƙƙin wani.

Ga misalin. Wata yarinya ta turo saƙo ta ce: "Malam, mahaifinmu ya rasu. Ya bar mahaifiyarmu, da mu 'ya'yansa mata biyu, da ƙaninsa wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya bari naira 2,400,000 ne. Yaya za a raba?"

Wannan lissafi ba ya wahalar da ɗalibin da ya karanta babin gado. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Nata naira 300,000. 'Ya'ya mata biyu suna da kashi biyu cikin uku, naira 1,600,000, kowace ta ɗauki 800,000. Abin da ya yi saura, naira 500,000, na ƙanin ne, domin shi ne asaba, mai kwashe ragowa bayan masu rabo sun karɓa. Malam ya faɗi haka, kuma bai yi kuskure ba ko na kwabo.

To, amma akwai tsohuwa a ƙauye. Mahaifiyar mamacin tana da rai. Me ya sa yarinyar ba ta ambace ta ba? Ba ɓoyewa ta yi ba. A wurinta wannan tsohuwa Kaka ce, kuma a tunaninta kaka ba ta cikin masu gado. Ta ƙirga dangi daga inda ita take tsaye, alhali shari'a daga wurin mamaci take ƙirgawa. A wurin mamaci wannan tsohuwa uwa ce, kuma uwa ba ta taɓa faɗuwa daga gado saboda wani magaji. Rabonta a nan sudusi ne, ɗaya cikin shida, naira 400,000. Da zarar an sa ta cikin lissafi, abin da zai kai hannun ƙanin ya sauko daga 500,000 zuwa 100,000.

Bari mu ƙara abu ɗaya. A ce matar mamacin tana da ciki wata huɗu, abin da yarinya za ta ji nauyin faɗa a gaban duniya, ko ma ba a gaya mata ba tukuna. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin ƙasar Hausa ake karatu a kanta, dakatar da rabon ake yi har sai an haihu. Idan aka haifi namiji da rai, ƙanin mamaci ba shi da komai, ɗa ya katange shi. Mata ta ɗauki 300,000, uwa 400,000, sauran 1,700,000 a raba kashi huɗu: namiji 850,000, kowace mace 425,000. Yarinyar da ta ji malam ya ce tana da 800,000, ashe ɗan abin da ya haura rabin haka ne nata. Idan kuwa mace aka haifa, su uku ne za su raba 1,600,000 ɗin, ƙanin ya tsira da 100,000.

Kuma duk wannan ba mu taɓo bashi ba, ba mu taɓo wasiyya ba. Kafin kowa ya karɓi sisi, sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashin da ake bin mamaci, an zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce ɗaya cikin uku ba. Wato ko ita naira 2,400,000 ɗin, ba mu tabbatar ita ce za a raba ba.

Shi ya sa za ku ji malamin da ya goge a wannan aiki ba ya fara lissafi sai ya gindaya sharaɗi. Zai ce, "Idan har waɗannan su ne kaɗai magada, babu uwa, babu uba, babu ciki, kuma an biya bashi." Mai kallo yakan ɗauka wannan share fage ne kawai, ya ƙosa a zo kan lambobi. Ni kuwa a ganina, a duk amsar babu jimlar da ta kai wannan nauyi. A gaban malam a zaure, da zai tsayar da yarinyar ya ce, "Kakarki ta wajen uba fa, tana nan?" Cikin daƙiƙa biyar an warware. A bidiyo babu wanda malam zai tambaya, sai dai ya toshe ɓarakar da sharaɗi.

Nan kuma mai yanka bidiyo yake shigowa. Shirin awa guda ne, amma abin da zai zo wayarka a TikTok daƙiƙa arba'in ne. Yaron da ya yanko, da kyakkyawar niyyarsa, ya fara daga inda lambobi suka fara. Tambayar ta tafi, sharaɗin ya tafi. Wani a wani gari, wanda shi ma aka yi musu rasuwa kuma akwai 'ya'ya mata biyu, ya gani ya ce ai namu ne sak. Idan kana son gane irin wannan guntu, duba abu biyu. Ka ji an karanta tambayar a farko? Ka ji malam ya kai "Allahu a'alamu" ko makamancinta a ƙarshe? In bidiyo ya fara a tsakiyar jimla, ko ya mutu daidai lokacin da malam ya ce "amma", to nemi cikakken shirin.

Wannan ba sabon al'amari ba ne da zamani ya kawo. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da rungumar iyali ga mai azumi, ya yi masa rangwame. Wani ya zo da tambayar, ya hana shi. Wanda aka yi wa rangwame tsoho ne, wanda aka hana saurayi ne. Tambaya ɗaya, amsa biyu, domin mai amsawa yana ganin mai tambaya. Malamin bidiyo ba ya ganin kowa. Bai san shekarunka ba, bai san garinku ba, bai ma san ko kai ne mai matsalar ko abokin rigimarka ba.

Wannan na ƙarshe shi ke kawo mu ga tambayar saki, wadda kusan babu shirin da ba a turo ta. Miji ya ce wa matarsa, "Je ki gidanku." Ta saku ko ba ta saku ba? Malam ba zai iya yankewa daga ɗakin ɗaukar shiri ba, domin wannan lafazi kinaya ne, ba kamar "na sake ki" ba, wanda yake a fili. Sai an ji daga mijin abin da ya nufa, da halin da aka yi maganar, da ko saki nawa ya gabata. Gefe ɗaya kawai ya turo saƙo. Idan ka ji malam ya ce, "Ku je wurin alƙali, ko malamin garinku, ku biyun," ba gudun tambaya ya yi ba. Fatawa bayanin hukunci ce bisa abin da aka faɗa, ba ta tilasta kowa. Alƙali shi ke jin ɓangare biyu, ya nemi shaida, ya yanke abin da dole a bi.

Kada a ce na kushe shirin. Akwai tambayoyin da gajeriyar amsa ta dace da su ƙwarai. Wanda ya manta zaman tahiyar farko a azahar har ya miƙe tsaye cak, a Malikiyya ya ci gaba da sallarsa, ya yi ƙabli, sujada biyu kafin sallama, domin ragi ya yi. Wanda ya ƙara raka'a da mantuwa, ba'adi zai yi, bayan sallama. Babu abokin husuma, babu wani ɓoyayyen magaji. Minti ɗaya ya isa.

Sai dai ko a nan akwai inda mai kallo yake rikicewa. Ka ci abinci da mantuwa a azumin Ramadan. Wani malami ya ce ka kame baki har faɗuwar rana, sannan ka rama yini ɗaya, babu kaffara. Wani ya ce azuminka yana nan, babu ramuwa. Sai a hau zage-zage a ƙarƙashin bidiyo. Na farko maganar Imam Malik ya faɗa, na biyu kuma ta mafi yawan malamai, waɗanda suka ɗauki hadisin da ya ce Allah ne Ya ciyar da shi Ya shayar da shi a kan cewa babu ramuwa. Saɓanin ya haura shekara dubu. Minti biyu ne ba su isa kowannensu ya ce akwai wata fahimta ba.

Shi kansa Imam Malik, wanda ya rasu a Madina shekara ta 179 bayan Hijira, an ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki. Ku yi tunanin shirin da mai gabatarwa zai karanto tambaya uku, malam ya ce bai san biyu ba. Tsarin shirin da kansa yana matsa wa malam ya ce wani abu a kan komai. Don haka ni idan na ji malam ya ce, "Wannan sai na koma na duba," a nan nake ƙara sakin jiki da sauran amsoshinsa.

Mu koma ga yarinyar nan. Ga yadda ya kamata saƙonta ya kasance: "Malam, wani mutum ya rasu. Mahaifinsa ya riga shi rasuwa, kakansa ma haka, mahaifiyarsa tana da rai. Ya bar mata ɗaya, tana da ciki. Yana da 'ya'ya mata biyu, babu namiji, babu jika. Yana da ƙani ɗaya shaƙiƙi, babu 'yar'uwa mace. Ana bin sa bashin naira 200,000, bai bar wasiyya ba." Ku lura, ta daina cewa mahaifinmu, ta daina cewa kakarmu. Kowa ta kira shi da matsayinsa a wurin mamaci, kuma ta ambaci waɗanda babu su kamar yadda ta ambaci waɗanda suke nan.

Da malam ya ji wannan, ba zai ma kawo lambobi ba. Zai ce a biya naira 200,000 ɗin nan yanzu, sauran 2,200,000 a adana, a jira haihuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.