Abin da ke riƙe rufin kwano idan iska ta taso

Duk wanda ya zauna a Gusau ko Ƙaura Namoda ya san iskar farkon damina. Hadari ya haɗo daga gabas, ƙura ta turnuƙe, kafin ruwa ya sauko ka ga kwanon wani gida a tsakiyar titi, da katakonsa da komai. Sai a ce iskar ce ta yi ƙarfi. Ta yi ƙarfi kam, amma ai gidan maƙwabci yana nan da rufinsa.

Ku dubi katako huɗun nan da na haɗa da ƙusa ɗaya a kowace kusurwa. Da na tura da yatsa, kun ga sun karkace. Yanzu ga guda uku, na yi alwatika da su. Ina turawa, ko gezau. Alwatika ba ta sauya siffa sai in wani gefenta ya karye ko ƙusa ta fita. Shi ya sa kafinta ke yin ƙwarangwal ɗin rufi da ita: rafta biyu sun haɗa kai a sama, katako ɗaya kwance ya ɗaure ƙafafunsu.

Nauyin kwano yana danne raftocin, su kuma suna neman baje ƙafa kamar mai tsaye a kan santsi. Katakon kwancen ne ke hana su, wato shi jan sa ake yi. Mu ɗauki ɗaki mai faɗin mita 6, tudun rufin mita ɗaya da rabi, alwatika ɗaya tana ɗauke da kilo 200 na kwano da katako. Katakon kwance zai sha ja na kilo 100. In aka rage tudun da rabi don tsimin katako, jan ya koma kilo 200, ga shi kuma duk yana kan 'yan ƙusoshin kusurwa. Wanda ya yi wa wannan katako gami a tsakiya da ƙusa biyu kacal, bangonsa ne zai biya: raftoci su tura shi waje, tsaga ta fito a samansa.

Ita iska ɗaga rufi take yi. Idan ta bi ta saman kwano da gudu tana zuƙo shi sama, in kuma ta samu ƙofa a buɗe ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗaki ta turo daga ciki. Gudunta in ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Iska mai gudun kilomita 110 a awa tana iya ɗaga kowane murabba'in mita na kwano da ƙarfin kusan kilo 50. In tazarar alwatikun ɗakinmu mita 1.2 ce, kowace tana riƙe da murabba'in mita 7, wato kilo 350 na jan ta sama, nauyinta kuwa 200 ne. Me zai riƙe sauran 150? Ba duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan kwano ba. Langalanga ko rodi ne, wanda aka binne cikin kankaren linta tun ranar zuba shi, aka naɗe ƙafar kowace alwatika da shi. Wanda aka soka cikin bulon ƙarshe kawai, da bulon zai tashi.

Ga kuma wurin da na fi ganin ana sakaci. Ƙarfin alwatika ta fuskarta ne kaɗai. Jera guda goma, ka tura ta farko ta gefe, duk su kwanta kamar bulon da aka jera a tsaye. Siraran katakon da ake buga kwano a kansu ba sa hanawa, domin da su da raftoci siffa mai kusurwa huɗu suka yi, irin wadda na karkatar ɗazu. Maganin shi ne dogon katako a karkace, daga ƙololuwar rufi zuwa saman bango, a ƙarƙashin raftoci, a buga shi da ƙusa biyu a jikin kowace rafta da ya ratsa. A yi haka a fuskokin rufi biyu, a duka ƙarshen ginin. Katakan kwance ma a haɗa su da dogon katako, domin idan iska ta ɗaga rufi matse su ake yi, siriri kuma in aka matse shi lanƙwashewa yake. Wallahi abin yana min ciwo, katako kaɗan ne, amma shi ake fara cirewa idan kuɗi suka gaza, tunda silin zai rufe.

Kafin watan Mayu, ku ja baya ku kalli ƙololuwar rufinku. In ta yi lanƙwasa kamar maciji, alwatikun sun fara jingina. Ku sa kafinta ya leƙa cikin silin da tocila, ya duba ko gara ta ci ƙafar rafta, ko tsatsa ta cinye langalanga, sannan ya ƙara ƙusa a bakin kwano da kusurwoyi, don daga nan iska ke fara ɓamɓarowa.