Ranar da Yaro Ya Fara Sako Ashar a Gaban Mutane

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana a kan yara da munanan kalamai. Zan taƙaita a kan yaron shekara uku zuwa biyar, kuma a kan rana guda, ranar da ya fara buɗe baki ya sako wata kalma da ta sa kika ji kamar ƙasa ta tsage ki shige.

Bari in fara da abin da ya faru a ɗakina, don kada ku ce na zo ina wa wasu gori. Ɗana na biyu yana da shekara huɗu a lokacin. Yana zaune a tsakar ɗaki yana jera kayan wasansa, ɗaya bisa ɗaya, ginin ya kai kusan ƙirjinsa, sai ya rushe. Ya dubi tarkacen, ya ja numfashi, ya ƙunduma ashar. Kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba, har da jan muryar ƙarshe. Muna da baƙi uku a ɗakin. Ɗaya ta rufe baki tana ƙunshe dariya, ɗaya ta zaro ido, ni kuwa na ji fuskata ta ɗauki zafi. Abin da na lura da shi, wanda har yau ban manta ba, shi ne inda idon yaron ya tafi. Bai koma kan kayan wasan ba. Fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya.

A nan maganar take. Yaron wannan shekarun bai san abin da kalmar take nufi ba. Abin da ya sani shi ne inda ake faɗar ta: idan abu ya ɓaci, babba yakan yi wannan sautin da ƙarfi. Ya ɗauko ta kamar yadda ya ɗauko "sannu" da "na gode". Sauran darasin kuma a fuskarki zai karanta shi. Idan aka yi dariya, ya koyi cewa kalmar tana kawo raha. Idan aka daka masa tsawa aka miƙe tsaye, ya koyi cewa yana da wani maɓalli da zai danna manya uku su rikice. Ga yaron da duk yini sai dai a ce masa zauna, tashi, bari, wannan ba ƙaramin mulki ba ne. Zai sake dannawa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Timothy Jay, ya shafe shekaru yana nazarin zagi da ashar. Shi da abokiyar aikinsa sun ba da rahoton cewa yara sukan fara furta irin waɗannan kalmomi tun suna wajen shekara biyu, kuma kafin su shiga makaranta sun riga sun san kimanin 30 zuwa 40. Na kawo wannan ne saboda uwar da take zaune nan tana ganin nata ne kaɗai ya lalace. Kunnen yaro yana aiki, shi ke nan.

To me na yi? Da farko na riƙe fuskata, kuma shi ne mafi wuya a cikin duka. Na ce masa, da muryar da nake cewa ɗauko takalminka, "Ginin ya rushe, ka ji haushi. Waccan kalmar ba ma faɗar ta. Zo mu sake ginawa." Na tsaya a nan. Ban yi masa bayani a gaban baƙi ba, domin yaron da idanun mutum uku suke kansa ba ya jin bayani, kunyar kawai yake ji.

Bayanin sai da dare, muna mu biyu, ina shafa masa mai zai kwanta. Na ce, "Ka tuna kalmar da ka faɗa ɗazu da gininka ya rushe?" Ya yi tsuru-tsuru, yana jiran faɗa. Na ce, "Ba faɗa zan yi ba, ai ba ka sani ba. Akwai kalmomin da idan mutum ya ji su, ransa yakan ɓaci, kamar an taka masa ƙafa. Waccan tana cikinsu. Shi ya sa ba ma faɗar ta." Ya ce, "Me take nufi?" Na ce, "Kalma ce da ake wulaƙanta iyayen mutum da ita. Kai za ka so a faɗa wa Mama maganar da za ta ɓata mata rai?" Ya girgiza kai. Duka bai kai minti biyu ba.

Ku lura da inda na ɗora dalilin: a kan abin da kalmar take yi wa mai ji. Ban ce shi mugu ba ne, ban ce bakinsa ya yi datti ba. Masu nazarin halayya, irin su June Tangney, sun bambance abu biyu. Akwai jin "na yi abin da bai dace ba", wanda yake tura mutum ya gyara, ya ba da haƙuri. Akwai kuma jin "ni ne ba ni da kyau", wanda yake tura mutum ya ɓuya, ko ya musanta, ko ya huce a kan wani. Idan kika ce wa ɗan shekara huɗu "marar kunya, ɗan banza", na biyun kika dasa. Kuma ki duba abin dariyar: kin zage shi ne don ki hana shi zagi.

Tsoratarwa ita ma haka. "Za a yanke maka harshe." "Dodo zai zo ya kama ka da dare." Yaron wannan shekarun yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ko dai ya yarda, ya kwana yana firgita, ko kuma gari ya waye ya ga harshensa na nan, ya gane maganarki ba a bakin komai take ba. Amma babbar asarar ba wannan ba ce. Yaron da ya sha wuya saboda ya maimaita kalma a gabanki ba zai ƙara kawo miki kalma ba. Zai ci gaba da faɗa a bayan idonki. Ranar da wani babba ko wani yaro da ya girme shi ya faɗa masa maganar da ta kamata ki ji, zai haɗiye ta, don ya riga ya koyi cewa maimaita irin wannan magana a gida duka take jawowa. Shi ya sa na ƙara masa da cewa, "Duk kalmar da ka ji ba ka gane ba, zo ka raɗa min a kunne. Ba a faɗa a kan tambaya." Wannan alƙawari sai an cika shi, ko da abin da ya raɗo ya sa hantarki ta kaɗa.

Sai ya jefo min wadda ban shirya mata ba. Ya ce, "Ai Baba ma yana faɗa a mota." Gaskiya ya faɗa. Da na ce ƙarya yake yi, da na ɓata komai. Na ce, "Haka ne. Manya ma suna kuskure idan ransu ya ɓaci. Baba zai gyara." Washegari uban da kansa ya ce masa, "Ka ji ni ina faɗar abin da bai kamata ba, na daina. In na manta ka tuna min." Iyaye maza, na ga kuna murmushi. Yaron ya zama ɗan sandan motar nan har muka gaji da shi.

Abu na gaba da ake yawan mantawa: idan kika karɓe masa kalma, ki ba shi wata. Haushin da ya ji lokacin da gininsa ya rushe na gaske ne, kuma sai ya sami hanyar fita. Mun zaɓi "kash!" da "na ji haushi!". Muka yi wasan kwaikwayo, in rushe ginin da gangan, mu biyu mu ce "kash!" da ƙarfi, yana ta ƙyalƙyala dariya. Ranar da na ji ya faɗe ta da kansa ba tare da an tuna masa ba, a nan na saki fuska, na ce na ji, ka kyauta. Hankalin da yake nema da ashar ya koma samunsa a nan.

Kada ku yi zaton daga nan shiru. Cikin kwana uku na farko abin ƙaruwa ya yi. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya kalle ni ido cikin ido, ya faɗa, ya jira. Wannan sananne ne a wajen masu nazarin ɗabi'a: idan abin da ya saba jawo hankali ya daina jawowa, yakan ƙaru na ɗan lokaci kafin ya mutu, kamar mai buga ƙofa da ya ji shiru ya ƙara ƙarfin bugu. Uwaye da yawa a nan suke karaya, su fashe da faɗa a rana ta uku, sai yaro ya koyi cewa in ya dage maɓallin yana aiki. Ni dai nakan ce "ba ma faɗar wannan", in ci gaba da aikina. A namu, kafin mako biyu ta ɓace. Amma sai da na roƙi yayarsa da sauran mutanen gidan su daina dariya, don mutum ɗaya mai dariya ya isa ya rushe aikin kowa.

Wannan yin ko-in-kula fa yana da iyaka. Yana aiki ne a kan kalmar da aka faɗa cikin iska. Idan ya nufi wani da ita, ya ce wa ƙanwarsa "jaka" ko "mummuna" har ta yi kuka, ba a kau da kai. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki nuna masa fuskarta: "Dubi, maganar ta yi mata ciwo. Me za mu yi ta ji daɗi?" Ɗan shekara uku bai gama iya hasashen abin da ke zuciyar wani ba, wannan yakan nuna sosai ne wajen shekara huɗu zuwa biyar, amma hawaye yana ganinsu.

Wata baiwar Allah ta miƙo takarda tana tambaya a kan sunayen al'aura, ko su ma a hana. A'a, hajiya, kada ki haɗa su da ashar. Ki koya masa sunan kowace gaɓa tasa yadda yake, ki ce wannan maganar ta Mama ce da Baba da likita, ba a ihunta a cikin mutane. Yaron da aka koya wa cewa sunan wurin kansa laifi ne, ranar da wurin ya yi masa ciwo, ko wani ya taɓa shi, ba shi da bakin faɗa. Idan kuma kika ji yana kawo zancen batsa dalla-dalla, wanda ya wuce shekarunsa, ba kalma ɗaya da ya tsinta ba, to wannan ba na tsawa ba ne. Ki tambaye shi a natse, "A ina ka ji? Wa ya nuna maka?" Ki duba wayar da yake riƙewa da waɗanda yake yini da su, kuma ki kai maganar ga likitan yara. Haka nan in kalmar tana kuɓuce masa ba da niyya ba, tare da yawan ƙifta ido ko fizgar kai da ya kasa tsayarwa, shi ma likita za a gani, don hukunci ba ya tsayar da abin da ba da gangan ake yi ba.

Akwai wata takardar? Miƙo ta nan.