Minti 30 ɗin nan, daga yaushe ake fara ƙirga su?

Jama'a, sallama. Gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya a nan Legas, musamman masu aiki a ƙananan asibitocin ƙauyukan Efe da Badagiri: an ce kayan aiki su yi minti 30 a otokilef, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, to daga yaushe? Amsar ya kamata ta kasance a takardar ƙa'idar aiki, wadda ake rubuta wa SOP a sama.

[Hoto: takarda manne a bangon ɗakin wanke kaya]

Ga fasalinta a gurguje. Can sama, sunan aikin, lambar takarda, ranar da aka rubuta, ranar da za a sake dubawa, da sa hannun shugaban asibiti. Sai manufa, sai wanda aikin ke wuyansa, sai kayan da ake buƙata. Bayansu matakai, kowanne da lambarsa, aiki ɗaya a layi ɗaya. A ƙasa, abin da za a yi idan an sami matsala, da littafin rajista.

Matakan farko kuna ganinsu: safar hannu mai kauri, wanki da sabulu da buroshi, ɗauraya, busarwa. Almakashi da hantsaki a bar bakinsu a buɗe, a naɗe, a manna tef mai canza launi a tururi. Jinin da ya bushe a gaɓar almakashi yana kare ƙwayar cuta daga tururi, don haka ba a tsallake wanki.

[Hoto: allurar ma'aunin otokilef tana hawa a hankali]

To, a nan za mu zauna. Takardu da yawa layi guda suke rubutawa: "A sa a otokilef minti 30." Wallahi wannan layin yana damuna, domin sabuwar ma'aikaciya za ta kunna na'ura ta dubi agogo, kuma ba laifinta ba ne.

Mu ɗauki ƙaramar otokilef mai kama da tukunya. An kunna ƙarfe 9:10. Ruwa ya tafasa, tururi ya fara fita ta bawul 9:25. Ba a rufe bawul nan take, sai an bar tururin ya kore iskar da ke ciki, gwargwadon mintunan da littafin na'urar ya faɗa. Dalili kuwa, iskar da ta maƙale tana iya sa ma'aunin matsi ya nuna 15 psi alhali zafin bai kai ba. An rufe 9:30. Sai 9:40 allura ta tsaya a digiri 121. Yanzu ne ƙirge ya fara. Kayan da aka naɗe minti 30, wato sai 10:10. Waɗanda ba a naɗe ba minti 20.

Wadda ta ƙirga daga kunnawa fa? Za ta kashe 9:40, daidai lokacin da aikin zai soma. Kayan sun yi zafi, har suna ƙona hannu, amma ƙwayoyi masu taurin ɓawo irin na tetanas suna nan da ransu. Kuma da wannan almakashin za a yanke cibiyar jariri.

Saboda haka a raba layin nan gida huɗu a takarda. Kunna. Kore iska ka rufe bawul. Jira allura ta kai digiri 121 da 15 psi, ka rubuta lokacin. Daga wannan lokacin ka ƙirga. Ni da zan rubuta, na huɗun da jan biro zan ja masa layi.

[Hoto: fitila ta mutu, ana tayar da janareta]

Sai maganar NEPA, wadda ba sai na gabatar muku da ita ba. An ɗauke wuta 9:55, allura ta sauka, janareta ya tashi, ta koma 121 ƙarfe 10:05. Minti 15 na farko sun tafi, ba a haɗa su da na baya. Sabon ƙirge, sai 10:35. Wannan ma a rubuta shi ƙarara a sashen matsala, don ranar da masu jira suka cika benci kowa zai so ya yi sauri.

Tef ɗin da layukansa suka yi baƙi shaida ce kawai cewa ƙunshin ya shiga tururi, ba ya ƙirga muku minti. Abin da ke ƙirgawa shi ne rajista: kwanan wata, abin da aka loda, lokacin da allura ta kai 121, lokacin kashewa, sa hannu. Idan tazarar da ke tsakanin lokutan biyu ba ta kai minti 30 ba ga kayan da aka naɗe, ko 20 ga waɗanda ba a naɗe ba, a sake.

Kada a buɗe murfi sai matsi ya koma sifiri. A bar ƙunshi ya bushe kafin a taɓa shi. Wanda ya fito da danshi, ko ya yage, a sake naɗe shi ya koma otokilef.