Lacca Kan Auna Ramin Sokawe da Lissafin Bulonsa

Assalamu alaikum, malamai magina da masu gidaje. Kuskuren da na fi gani a wurin aiki shi ne auna ramin sokawe kamar ana auna tankin ajiye ruwa, alhali aikinsa shi ne ya shayar da ƙasa ruwan da ya fito daga gida. Saboda haka faɗin bangon da ruwa ke taɓawa ake lissafawa. Gindin ramin ba ya shiga lissafi, domin dauɗa da maiƙo suna toshe shi tun da wuri.

Mu ɗauki gidan mutum 8, kowa yana zubar da lita 60 a rana tsakanin wanka da wanki da wanke-wanke, wato lita 480 ke nan. Ƙasa mai yashi da ɗan turɓaya tana shan kimanin lita 30 a kowace murabba'in mita a rana, mai yumɓu kuwa da ƙyar take shan lita 10. Kafin a yarda da kowane adadi, a haƙa ɗan rami a wurin, a cika shi da ruwa ya kwana, washegari a sake cikawa a ga yadda yake janyewa, domin busasshiyar ƙasar rani tana ruɗin mutum.

Idan muka raba 480 da 30, muna buƙatar bango murabba'in mita 16. Rami mai da'ira wanda faɗinsa mita 2 ne, kewayensa ya kai mita 6.3, don haka zurfin kimanin mita 2.5 zai wadatar, amma daga bakin bututun da ke shigo da ruwa ake fara ƙirgawa. A ƙara rabin mita na sama, ramin ya zama mita 3. Da yumɓu ne, da sai an ninka bangon nan sau uku, kuma a ganina rami biyu ko uku sun fi guda ɗaya mai zurfin da zai taɓo ruwan ƙasa. Dole gindin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan rijiya ke kaiwa da damina, ramin kuma ya nisanci rijiyar da mita 30.

Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45 ne. Ana barin santimita 15 tsakaninsa da ƙasa a cika da tsakuwa, sannan a bar tazarar santimita 5 babu siminti tsakanin bulo da bulo, wadda ta nan ruwa ke fita. Da wannan tsari kowane layi zai ci bulo 9, layi 10 da za su cike zurfin mita 2.5 ɗin su ci 90, sai layi biyu na sama da ake haɗewa tsaf da siminti don ɗaukar murfi su ci 20. Jimilla 110 ke nan, amma a sayi 120 saboda fashewa. Birkilan da ya shafe waɗannan ƙofofi don aiki ya yi kyan gani ya gina muku tanki ne, kuma za ku gane haka ran da ruwa ya fara dawowa ta makwararar banɗaki.