Darasi: Yadda Ake Yi Wa Gajeriyar Amsa Maki Da Jadawali Mai Nauyi

Malam: Assalamu alaikum, malamai masu kallonmu. Yau takarda ɗaya tak za mu duba, amsar ɗan aji biyu na babbar sakandare a darasin nazarin halittu, mu yi mata maki daga farko har ƙarshe. Malama, karanta mana tambayar.

Malama: Tambayar ta ce: "Bayyana yadda zazzaɓin cizon sauro ke tashi daga mutum zuwa mutum, sannan ka kawo hanyar kariya ɗaya tare da dalilin da ya sa take aiki." Maki 10 ne. Amma kafin a buɗe takardar yaro, jadawalin maki za a fara rubutawa, wanda a ɗakin malamai muke kira makin sikim. Idan ka fara karanta amsoshi kafin ka rubuta shi, amsar yaron da ya fi burge ka ita za ta zama ma'auninka ba tare da ka sani ba.

Malam: To, ga namu a allo. Mun raba maki goman gida huɗu, kuma ba raba daidai muka yi ba. Ma'auni na farko, sanin abin da ke kawo cutar da wanda ke ɗaukar ta, nauyinsa 3. Na biyu, jerin yadda cutar ke tafiya, nauyinsa 4. Na uku, hanyar kariya da dalilinta, nauyinsa 2. Na huɗu, tsabtar bayani, nauyinsa 1.

Malama: Wani zai ce me ya sa na biyu ya fi kowa kaso. Ku koma kan tambayar. Kalmar da ta buɗe ta ita ce "bayyana yadda". Da an ce "ambaci", da sunaye ne za su kwashe makin. Tunda bayani aka nema, wanda ya iya jera abin da ya faru bayan wani shi ya amsa tambayar, ko da wani ya fi shi haddar sunaye. Nauyi daga kalmar umurnin tambaya yake fitowa.

Malam: Sannan kowane ma'auni sai an rubuta abin da ido zai gani a takarda. Kada ka rubuta "ya fahimta sosai" ko "ya yi ƙoƙari", domin malamai biyu ba za su taɓa auna "sosai" da mudu ɗaya ba. A ma'auni na farko abu biyu muke nema: ƙwayar falasmodiyam, da macen sauro nau'in anofilis. Ya kawo biyun, mataki na 2. Ya kawo ɗaya, mataki na 1. Babu ko ɗaya, sifiri. Na uku ma haka: hanya da dalili mataki na 2, hanya kaɗai mataki na 1.

Malama: Na biyu kuwa gaɓa huɗu muka yanka shi. Sauro ya ciji mai ɗauke da cutar ya zuƙi ƙwayar tare da jini. Ƙwayar ta girma a cikin sauron, wanda ke ɗaukar wajen kwana 10 ko fiye, har ta kai ga yawunsa. Ya ciji mai lafiya ya zuba masa. Sai ƙwayar ta wuce hanta ta hayayyafa, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. Kowace gaɓa mataki ɗaya, mafi sama 4. Da mun bar shi a "cikakke, rabi, babu" kamar sauran, da wanda ya kawo gaɓa uku da wanda ya kawo biyu sun tashi da maki iri ɗaya, a kan ma'aunin da ya fi nauyi kuwa. Inda nauyi ya yi yawa, a nan ake ƙara yawan matakai.

Malam: Lissafin kowane ma'auni kuma ga shi.

```
maki = (matakin da ya samu ÷ mataki mafi sama) × nauyi
```

Malama: Yanzu ga amsar yaron, mun mayar da ita Hausa saboda masu kallo. Ya rubuta: "Bairas ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Macen sauro anofilis idan ta ciji marar lafiya sai ta kwashi bairas ɗin. Idan ta ciji mai lafiya sai ta zuba masa a jini. Ana kare kai ta hanyar kwana cikin gidan sauro." Layi huɗu, rubutu mai kyau, babu gogewa ko ɗaya. Malam, da ka karanta sau ɗaya ka ɗaga biro, nawa zuciyarka za ta ba shi?

Malam: Gaskiya bakwai ko takwas, domin amsar tana da daɗin karantawa. Shi ya sa karatun farko ba a riƙe jan biro. A karanta don a gane inda yaron ya dosa, sai a karo na biyu a ɗauki ma'auni ɗaya a shiga nema. Ma'auni na farko: akwai falasmodiyam? Babu, ya ce bairas, kuma kuskure ne, domin ƙwayar nan ba bairas ba ce, ba kuma bakteriya ba. Akwai macen anofilis? Akwai, a layi na biyu. Sai in ja layi a ƙarƙashinta, in rubuta lamba 1 a gefe don a san wane ma'auni ta ciyar. Mataki na 1 cikin 2, sau nauyi 3, ya ba mu 1.5.

Malama: Ku lura da jan layin nan. Duk makin da ka bayar, ya zama kana iya ɗora yatsa a kan kalmar da ta jawo shi. Idan yatsa ya rasa inda zai sauka, to abin da ke kanka ka yi wa maki, ba abin da ke takarda ba.

Malam: Ma'auni na biyu, kuma a nan hannu ya fi kaucewa. Gaɓar farko: ta ciji marar lafiya ta kwasa. Yaron ya faɗa, amma ya sake cewa "bairas". Malama, a ba shi ko a hana?

Malama: A ba shi. Kuskuren bairas mun riga mun caje shi a ma'auni na farko, ya rasa 1.5 a kansa. Abin da wannan gaɓa ke tambaya shi ne ko ya san sauro daga jikin mai cutar yake ɗauko ta, kuma ya sani. Idan ka sake yanke masa a nan, ka yi wa laifi ɗaya bulala biyu, kuma ka lalata nauyin da ka tsara da kanka: sunan ƙwayar da ka ce kuɗinsa 1.5 ya koma 2.5. Yadda za ka gane ka faɗa wannan ramin shi ne ka duba gefen takarda, idan ka ga dalili ɗaya ka rubuta a wuri biyu, to mayar masa da ɗaya.

Malam: Gaɓa ta biyu, girman ƙwayar a cikin sauro, babu ita. Yadda ya rubuta ma kamar sauron sirinji ne, ya tsotsa nan ya zuba can nan take. Sifiri a wannan. Gaɓa ta uku, ya ce "ta zuba masa a jini", bai ambaci yawu ba.

Malama: Irin wannan ba a yanke hukuncinsa a kan takarda ɗaya. A jadawalinmu yawu yana cikin gaɓa ta biyu, ta uku kuwa cizo da zubawa kawai take nema, saboda haka ya samu. Amma a ce jadawalin bai fayyace ba, sai ka tsaya, ka yanke shawara, ka rubuta ta a jikin jadawalin, sannan ka koma kan takardun da ka riga ka wuce ka yi musu hukunci iri ɗaya. Malamai da yawa suna yanke shawarar a takarda ta 30, su bar 29 na baya a kan tsohon hukunci. Wannan ne dalilin da ya sa hukumomi irin su WAEC suke tara masu duba takardu kafin a fara, kowa ya gwada hannunsa a kan kwafin amsoshi iri ɗaya har hukunci ya daidaita. A makaranta ma za a iya: zaro takarda biyar, kai da abokin aikinka kowa ya yi maki shi kaɗai, sannan ku gwama. Inda kuka saɓa, yawanci jadawalin ne bai yi magana sarai ba.

Malam: Gaɓa ta huɗu, hanta da jajayen ƙwayoyin jini, babu. Ya samu 2 cikin 4, sau nauyi 4, maki 2 ke nan. Ma'auni na uku: gidan sauro hanya ce ingantacciya, amma ina dalili? Bai ce komai ba. Da ya ƙara cewa anofilis ya fi cizo da dare, gidan kuma yana shiga tsakaninsa da mai barci, da ya cika. Kada ka ce ai ya san dalilin, kowa ya sani. Mataki na 1 cikin 2, sau 2, maki 1. Na huɗu, jimlolinsa a jere suke, ana ganewa, ya kwashe 1 ɗinsa.

Malama: A haɗa: 1.5 da 2 da 1 da 1, ya tashi 5.5 cikin 10. Ga ɗan gwaji. Da ma'aunan huɗu nauyinsu ɗaya ne, kowanne 2.5, da ya samu rabi sau uku da cikakke sau ɗaya, wato 6.25. Kyan rubutu kaɗai ya ɗaga shi da kusan maki guda. Kuma kada ku cike rabin maki a kowane ma'auni, 1.5 ta zauna a 1.5. Idan makaranta ba ta karɓar rabi, a jimilla ake cikewa, sau ɗaya, da ƙa'ida ɗaya ga kowa.

Malam: Saura mayar wa yaro sakamako. Idan ka rubuta 5.5 ka zagaye shi kawai, ba ka gaya masa komai ba. Ga yadda za a rubuta a ƙasan amsar.

```
1. Sanadi da mai ɗauka   1.5/3
2. Jerin yaɗuwa          2/4
3. Kariya da dalili      1/2
4. Tsabtar bayani        1/1
Jimilla                  5.5/10
```

Malama: Kowane layi kuma da jimla ɗaya a gefensa. Na farko: "Anofilis daidai ne, amma ƙwayar falasmodiyam ce, ba bairas ba." Na biyu: "Me ke faruwa da ƙwayar a cikin sauro, kuma ina take fara zuwa a jikin mutum?" Na uku: "Me ya sa gidan sauro yake aiki?" Kun ga inda kuskuren suna ne mun ba shi gyaran kai tsaye, inda giɓin bayani ne mun bar masa tambaya ya je ya nemo.

Malam: Akwai yara masu jefa ƙugiya biyu, su rubuta "falasmodiyam ko bairas" wai ko ɗaya ta kama.

Malama: Wannan ba ya samun makin, domin amsa biyu masu karo da juna ya ajiye maka ka zaɓar masa. Amma wanda ya kawo hanyar kariya da ba ta cikin jadawalinka, misali cike kududdufai don tsutsar sauro ta rasa ruwan da za ta girma a ciki, ya kawo hanya ya kawo dalili, maki 2 ɗinsa cif. Sai ka ƙara ta cikin jerin amsoshin da ake karɓa, ka sanar da duk wanda kuke duba takardun ajin tare.