Ranar ɗaukar fim: a tsara ta kamar ba za a kawo wuta ba

Wannan lacca ce da wani mataimakin darakta ya gabatar wa matasa masu shirya fim a Birnin Kebbi. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Jama'a, aikin ranar ɗauka tun daren jiya yake farawa, tun ran gini tun ran zane. Abin da nake so mu yi yau shi ne mu ɗauki rana guda mu tsara ta tare daga asuba har magariba, a kan sharaɗi ɗaya: mu ƙaddara ba za a kawo wuta ba ko na minti ɗaya. In an kawo, mu yi cajin batir da ita, mu sha ruwan sanyi. Amma ba za mu jingina sin ko ɗaya a kanta ba.

Ga misalinmu. Gida ne a cikin gari, watan Maris, muna da sina-sinai 6. Kun san a ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, kuma ana raba shafi kashi 8 don a auna tsawon sin. Sin na 4 a ƙofar gida ne da safe, kashi 6. Na 7 a tsakar gida, uwargida da amarya, shafi guda. Na 9 a ɗakin uwargida da rana, shafi da rabi. Na 12 a wannan ɗakin dai amma da dare, shafi guda. Na 15 a ƙofar gida dab da magariba, kashi 2 kacal. Na 16 a zaure, rabin shafi. In kun haɗa, shafi 5 ke nan. Ga masu kyamara ɗaya wannan aikin yini ne cur, kada wani ya ce a ƙaro.

Sabon shiga zai bi lamba, daga 4 ya tafi 7, 9, 12, 15, ya ƙare da 16. Mu ba lamba muke bi ba, rana muke bi, don ita ce fitilar da ba a ɗaukewa. A watan Maris a nan Kebbi rana kan fito wajen bakwai saura, ta faɗi wajen bakwai saura na yamma, tsakiyarta kuma sai ɗaya saura, tunda muna can yammacin ƙasa. Saboda haka ma'aikata su hallara 6:00, 'yan wasa 6:15 don kwalliya da sutura, kyamara ta fara juyawa 7:15 a ƙofar gida. Hasken lokacin mai taushi ne, kuma unguwa ba ta gama tashi ba, 'yan kallo ba su taru ba. Zuwa 8:45 mun gama sin na 4. Ƙarfe 9:00 mu shiga tsakar gida mu yi na 7, mu tabbata mun fita kafin 11:00. Da zarar rana ta hau ka, inuwa kan cika kwarmin idon mutum, goshi ya yi ƙyalli, zufa ta wanke hodar da mai kwalliya ta sha wahalar shafawa. A wannan watan zafi kan kai digiri 40, babu jarumar da za ta yi maka kukan kirki a tsakar gida da tsakar rana.

Daga 11:15 sai ɗaki, nan ne janareto zai tashi. Sin na 9 ya kai mu 1:30, a tashi a yi azahar a ci abinci. Ku rubuta lokutan sallah a takarda ƙarara. Ban da haƙƙin sallar kanta, lasifikar masallacin unguwa za ta shiga sautinku ko kun so ko ba ku so ba, gara hutunku ya faɗo daidai lokacin. Ƙarfe 2:30 mu toshe taga da ƙofa da baƙin yadi mai kauri, mu ɗauki sin na 12, na dare, da rana tsaka. Fitilu suna inda muka kafa su, gado yana inda yake, jarumar tana nan, kaya kawai za ta sauya. Kun ga mun tsere wa zaman dare, mun kuma tara duk aikin da ke son wuta a tsakanin 11:15 da la'asar. Bayan la'asar a yi na zaure. Na 15 kuwa a shirya masa tun 6:00, domin hasken gab da magariba ba ya jiran kowa, 'yan mintoci ne ya wuce.

Yanzu ku lura da sin na 16, na zaure. Da gangan na ajiye shi a baya. Zauren yana da ƙofa babba, haske na shigowa, faranti mai maido da haske ya ishe shi, ba ya son wuta ko kaɗan. Shi ne sin ɗinmu na ko-ta-kwana. In janareto ya tsaya ƙarfe sha biyu, ba mai zama yana kallon mai gyara, kowa ya kwashi kayansa a koma zaure a ɗauki na 16, kafin a gama an gyara inji ko an aro wani. Amma wannan dabarar ba ta aiki sai in mutum biyun da ke cikin sin ɗin suna wurin. Don haka a takarda za a kira su 11:00, ba 4:00 ba, a kuma gaya musu dalili, a ba su abinci. Na sha ganin an ware sin na ko-ta-kwana, inji ya mutu, a buga wa jarumin waya ya ce ai yana Argungu, sai la'asar aka ce masa.

Wannan ya kawo mu ga kolshit, takardar kiran aiki. Shafi ɗaya ya isa. A sama kwanan wata, sunan fim, kwatancen lokeshan irin wanda ɗan acaɓa zai gane, da lambar wayar mutum ɗaya da za a kira in an ɓata. A tsakiya jerin sina-sinai yadda za a ɗauke su, kowanne da lokacinsa, waje ne ko ciki, rana ce ko dare, su wa ke ciki, wace sutura, waɗanne kaya. Kowane ɗan wasa da nasa lokacin, kada a rubuta wa kowa ƙarfe shida alhali wani sai biyu za a neme shi. A ƙasa fitowar rana da faɗuwarta, sallah, abinci, da asibiti mafi kusa. Ni nakan ƙara layi guda a gefen kowane sin in rubuta tushen haskensa: rana, janareto ko batir. Darakta na kallo sau ɗaya ya san inda haɗari yake. A tura ta WhatsApp kafin isha, kowa ya amsa ya gani, wanda bai amsa ba a kira shi. A buga kwafi a manna a bango, waya ma ai cajinta kan ƙare.

Sai lissafin wuta, ku fito da biro. Fitilar LED babba wat 200, ƙanana biyu wat 60 kowace, 320 ke nan. Cajojin batir mu ba su 150, kwamfutar kwashe hoto 90, monita 30, fanka 70. Jimilla 660. Janareto mai 2.5 kVA ainihin abin da yake ɗauka kusan wat 2000 ne, kuma bai kamata a cika shi maƙil ba, ku tsaya ƙasa da 1500. To muna da sarari. Abin da ke kashe inji ba fitilunku ba ne, dutsen guga ne. Mai sutura ta jona shi a ɓoye, shi kaɗai ya ja wat 1000 ko fiye, sai ku ji muryar inji ta sauya, haske ya dusashe ana tsakiyar magana. Duk guga a yi shi daren jiya. Wanda kuma har yanzu yake aiki da tsofaffin fitilun nan masu zafi na wat 800, ya sani guda biyu sun cinye injin nan.

Inji irin wannan kan sha wajen lita ɗaya a awa, gwargwadon nauyi da lafiyarsa. Za mu kunna shi awa 4 zuwa 5, don haka a sayi lita 10 tun jiya, a duba baƙin mai, a tayar da shi a saurara. Ba a zuba fetur yana aiki ko yana da zafi, lokacin hutun azahar ake yi bayan ya huce. Ku kai shi nesa, bayan katanga, da waya mai kauri doguwa, a warware ta duka daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi. Kada ƙara ta sa wani ya kulle shi a ɗaki ko zaure, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Mai sauti ya sa abin kunnensa, shi ne alƙali, in ya ce yana jin inji a ƙara matsar da shi.

Wani matashi daga baya ya ɗaga hannu ya ce: “Malam, to in an kawo wuta muna cikin ɗauka, ba sai mu kashe inji mu rage mai ba?”

A'a, ɗan'uwa. Sin ɗin da aka fara da inji da inji ake gama shi. Wutar gari na iya zuwa da rauni, hasken wasu fitilun ya sauya, edita ya haɗa fuskar uwargida da ta amarya ya ga kamar ba ɗaki ɗaya suke ba. Sannan sauti. Ana kawo wuta firjin gidan zai tashi, fankar sama ta juya, maƙwabta su kunna talabijin, yara su kwashe da ihu. Ana ɗaukewa kuma injinan unguwa su amsa. Shi ya sa kafin a fara sin na ɗaki nakan bi in kashe ƙwan ɗakin da fanka, in roƙi uwar gidan a zare firji, in rubuta a hannuna don kada in manta in mayar mata. Kuma a ƙarshen kowane sin kowa ya yi shiru, mai sauti ya naɗi shirun ɗakin na rabin minti, edita zai yi ciko da shi.

Akwai kuma rawar haske. Wutarmu a Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka in kuna ɗauka a 25 fps, wato hoto 25 a daƙiƙa, ku sa shata, tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. In injin ba ya tafiya daidai, za ku ga haske na ƙifta ido ko wasu layuka masu duhu na rarrafe a monita, musamman da ƙwayayen gida masu arha. Ido ba lallai ya gani a ɗakin ba, a monita ake kamawa. Ku ɗauki gwaji na daƙiƙa 10 ku kalla kafin jaruma ta shigo.

Kyamara da na'urar sauti kullum a batir suke, ko da inji na aiki, domin in wuta ta yanke ana cikin naɗa fayil ɗin na iya lalacewa. Ƙananan fitilun ma a tanadar musu batir. Batir mai 98 Wh zai riƙe fitilar wat 60 kamar awa ɗaya da rabi, lissafin raba 98 da 60 ne kawai. Wannan ya isa a ƙarasa ɗaukar fuskoki na kusa a sin na 12, tunda sin na dare dama ba ya son haske mai yawa. Babbar fitilar ce batir ɗaya ba zai riƙe ba, shi ya sa ake fara ɗaukar hoto mai faɗi tun inji na da lafiya, a bar na kusa a ƙarshe.

Katin kyamara kuma kada a goge shi sai an kwafe shi wuri biyu, an buɗe an gani yana wasa. Na ga ana ɗaga min hannu an kusa kiran sallah. Bayan mun idar kowane rukuni ya karɓi takarda, akwai sina-sinai 8 a ciki, ku jera min su ku nuna wanne ne na ko-ta-kwana.